Ina shan maganin hawan jini kullum, me ya sa awon bai sauka ba?

Wannan tambaya ce da ake yawan ji a ɗakin ganin likita, a Birnin Kebbi ne ko Argungu ko Yauri. Mutum zai rantse cewa bai taɓa tsallake ƙwayarsa ko kwana ɗaya ba, ya rage gishiri, ya rage maggi, amma da an ɗaura masa na'ura a dantse sai awo ya nuna jinin yana sama. Daga nan zato ke farawa. Wani ya ce maganin jabu ne, wani ya ce jikinsa ya saba da ƙwayar, wani kuma ya ce ai hawan jini tunani ne, ga tsadar taki ga kuɗin makaranta. Kowanne daga cikin waɗannan yana iya faruwa. Sai dai akwai wani dalili da ba kasafai ake tambayarsa ba, kuma shi kansa majinyacin ba ya kawo shi domin bai ɗauke shi magani ba: abin da yake haɗiya a gefe, don gajiya, don mura, ko don basir da ƙarfin jiki.

Me ke cikin haɗin gajiya?

Duk wanda ya taɓa tsayawa a kemis bayan magariba a lokacin aikin fadama ya san yadda cinikin ke gudana. Manomi zai shigo ƙafa duk taɓo, ya ce, "Yaro, haɗa mini na gajiya." Yaron kemis zai ce, "Baba, na nawa?" Sai ya ɓallo ƙwayoyi uku ko huɗu daga kati daban-daban, ya ƙulle a 'yar leda. Babu kwali, babu suna, babu tambayar ko Baba yana da wani ciwo.

Yawancin irin wannan haɗi ba ya rasa ɗaya daga cikin wani dangin magunguna masu kashe ciwo da sauke kumburi: ibufurofen, dikilofenak, firoksikam, naforoksen da indometasin. Sunayen kasuwa suna da yawa, launin ƙwaya ma haka, amma gidansu ɗaya ne kuma aikinsu iri ɗaya ne. Farasitamol ba ɗan gidan ba ne, za mu zo kansa. Wani lokaci ledar na ɗauke da biyu daga cikin dangin a haɗe, misali dikilofenak da firoksikam, wanda ba ya ƙara kashe ciwo, illar ce kawai ke ninkuwa.

Gaskiyar da ya kamata a faɗa ita ce magungunan nan suna aiki. Mutumin da ya wuni a duƙe yana dashen shinkafa, ya sha haɗin da dare, zai tashi da asuba ƙugunsa ya saki. Shi ya sa wa'azin "ku daina shan magani barkatai" ba ya shiga kunnen kowa. Abin da ba a bayyana masa ba shi ne farashin da ƙodarsa ke biya.

Yadda maganin ciwon jiki ke kai wa ga ƙoda

Jiki yana sarrafa wasu sinadarai da ake kira furostagilandin. A gaɓar da ta ji rauni, su ne ke kawo zafi da kumburi, kuma su ne waɗannan magunguna ke hana jiki ƙerawa, shi ya sa ciwon ke lafawa. Matsalar ita ce ƙwaya ba ta san gwiwa daban da ƙoda ba. A cikin ƙoda, sinadaran nan aikin alheri suke yi: suna buɗe ƙananan jijiyoyin da ke shigar da jini, suna kuma taimaka mata ta zubar da gishiri da ruwa ta fitsari. Idan aka tsayar da su, ƙoda sai ta fara riƙe gishiri, gishiri ya riƙe ruwa, jijiyoyi kuma su ɗan tsuke. Mai ban-ruwa ya san abin da ke faruwa idan ya ƙara wa injin wuta sannan ya matse bakin tiyo.

Nawa jinin ke hawa? Wani nazari da aka wallafa a 1994, wanda ya tattara gwaje-gwaje da dama, ya nuna ƙarin kusan maki 5 a matsakaici. Za a ce ai 5 ba komai ba ne. Amma matsakaici ne, wato an haɗa matashi mai lafiyayyar ƙoda da tsoho mai ciwon suga aka raba. A jikin dattijo, ko mai ciwon suga, ko wanda ƙodarsa ta fara rauni, hawan yakan wuce haka sosai. Sannan an san cewa sauke lambar sama ta awon jini da maki 5 yana rage haɗarin shanyewar ɓarin jiki da ciwon zuciya da kusan kashi 10 cikin 100. Ke nan maki 5 ɗin da mutum ya sha wahala ya sauke da kuɗin magani na wata da watanni, 'yar leda ɗaya ta kullum tana iya mayar masa da su.

Ba duk magungunan hawan jini ne abin ke taɓawa daidai ba, kuma a nan ne sanin sunan ƙwayarka ke da amfani. Waɗanda suka fi raunana su ne masu aiki ta hanyar ƙoda: lisinofiril da 'yan'uwansa, losatan da 'yan'uwansa, da ƙwayoyin sa fitsari irin su haidirokolorotayazaid da furusemaid. Su atenolol ma sukan raunana. Amlodifin da nifedifin kuwa, da yake kai tsaye suke sassauta bangon jijiya, abin bai cika yi musu tasiri ba. Wannan ba izini ba ne ga mai shan amlodifin ya riƙa watsa dikilofenak, domin illar ƙoda da gyambon ciki tana nan.

Misali: manomi mai ƙwaya biyu da leda ɗaya

A ɗauki manomin shinkafa ɗan shekara 58 a fadamar Argungu. Likita ya ɗora shi a kan lisinofiril miligiram 10 da haidirokolorotayazaid miligiram 12.5 kowace safiya. Awonsa ya daɗe yana tsayawa wajen 132 bisa 82. Da aikin rani ya kankama, ƙugu da gwiwa suka matsa masa, sai ya fara karɓar haɗi kowane dare, a ciki akwai dikilofenak miligiram 50 da firoksikam miligiram 20. Bayan mako uku ya je asibiti, awo ya nuna 154 bisa 96. Ya lura takalminsa na roba ya fara matse shi, kuma idan ya danna yatsa a ƙwaurinsa wurin yakan lotsa ya jima bai ciko ba.

Likita ya tambaye shi, "Baba, kana shan maganinka?" Ya ce, "Wallahi likita ban taɓa fashi ba." Gaskiya ya faɗa. Da tambayar ta tsaya nan, abin da zai biyo baya shi ne a ƙara masa lisinofiril zuwa 20 ko a ƙara ƙwaya ta uku. Kuɗi ya ƙaru, kuma ranar da aikin gona ya ƙare ya bar haɗin, jinin zai iya faɗuwa ƙasa ya riƙa ganin jiri idan ya miƙe. Tambayar da ke warware lamarin ita ce ta biyu: "Ban da na asibiti, me kake sha in jiki ya yi tsami?"

Amma hawan awo ba shi ne babban abin tsoro a wannan misali ba. Ku dubi abin da ƙodarsa ke fuskanta. Ƙwayar fitsari ta rage ruwan jikinsa, ga rana ta Maris da Afrilu a Kebbi da ke haura digiri 40, ga gumi. Haɗin gajiya ya tsuke jijiyar da ke shigar da jini cikin matatar ƙoda. Lisinofiril kuma, bisa aikinsa na yau da kullum, yana sassauta jijiyar da ke fitar da jini daga matatar. An rage ruwa a rijiya, an matse mashiga, an buɗe mafita: ƙarfin da ake tace jini da shi sai ya faɗi. Likitoci sun san wannan haɗuwa ta uku sarai. Wani babban nazari da aka wallafa a Birtaniya a 2013 ya gano cewa haɗa ukun yana ƙara haɗarin tsayawar ƙoda farat ɗaya da kusan kashi 30 cikin 100, kuma haɗarin ya fi yawa a cikin kwana 30 na farko. Idan azumi ya faɗo a lokacin zafi, ko gudawa da amai suka shigo, abin ya ƙara muni.

Abin da ya dace a yi wa wannan manomi bai da tsada. A tsayar da haɗin, a bar maganin hawan jininsa yadda yake, a yi masa gwajin jini na ƙoda, wato kiriyatinin da gishirin jini. Firoksikam yana daɗewa a jiki, rabinsa kawai ke fita cikin kusan kwana biyu, don haka kada a yi tsammanin awo ya sauka washegari. A ba shi mako ɗaya zuwa biyu. A cikin makon ƙarshe ya riƙa awo safe da yamma, bayan ya zauna minti biyar, bai ci goro ko shan taba ba cikin rabin awa, hannu a ɗore a kan teburi. A rubuta a takarda, a jefar da lambobin ranar farko, a duba sauran. In ya koma inda yake a da, an kama ɓarawo. In bai koma ba, sai likita ya nemi wani dalilin, kuma a lokacin ne ƙarin magani ke da ma'ana.

Akwai alamun da ba a jiran mako biyu a kansu: fitsari ya ragu sosai, numfashi yana sarƙewa idan an kwanta, bayan gida ya koma baƙi kamar kwalta, ko awo ya kai 180 bisa 120 tare da matsanancin ciwon kai, dishi-dishin gani, ciwon ƙirji, karkacewar baki ko mutuwar hannu. Wannan na asibiti ne a ranar, ko da dare ne.

To, ciwon ƙugun fa?

Ba adalci ba ne a ƙwace wa mutum abin da ke tayar da shi aiki ba a ba shi madadi ba. Na farko shi ne farasitamol, ƙwaya biyu masu miligiram 500, a bar aƙalla awa huɗu zuwa shida tsakani, kada a wuce ƙwaya takwas a yini, mai ƙaramin jiki ko ciwon hanta kuma ƙasa da haka. An daɗe ana ɗaukarsa ba ruwansa da hawan jini, sai wani gwaji da aka yi a Edinbura ta Sukotland, aka wallafa a 2022, ya ɗan gyara zancen: masu hawan jini 110 da aka ba giram 4, wato ƙwaya takwas, kullum na mako biyu, lambarsu ta sama ta hau da kusan maki 5. A ganina darasin ba a guje shi ba ne. Na kwana biyu ko uku don ciwon kai ko zazzaɓi ba abin damuwa ba ne, shan cikakken adadi kullum na makonni shi ne ke buƙatar awo.

Na biyu shi ne na shafawa. Dikilofenak na shafawa a gwiwa, kaɗan ne ƙwarai daga cikinsa ke shiga jini idan aka kwatanta da ƙwaya. Ga gashi da ruwan ɗumi, ga hutun da manomi zai ce ba shi da shi. Idan kuma ciwon ya kai dole sai an sha ɗaya daga cikin wancan dangi, likita ne zai zaɓa, guda ɗaya, ƙaramin adadi, na 'yan kwanaki.

Wani abu da ke rikita mutane: asfirin ƙarami mai miligiram 75 da likita ke rubuta wa wasu masu ciwon zuciya. Dangin su ibufurofen ne, amma a wannan adadi ba ya tayar da awo yadda za a damu. Wanda aka rubuta wa kada ya bari don ya karanta wannan bayani.

Maganin mura a lokacin hunturu

Daga Disamba zuwa Fabrairu ƙura na toshe hancin kowa, kasuwar ƙwayar mura ta buɗe. Abin da ke buɗe hanci a cikin yawancinsu shi ne sudo'efedirin ko fenilefirin. Hanci yana toshewa ne saboda jijiyoyin cikinsa sun kumbura da jini, su kuma waɗannan suna tsuke jijiyoyin. Idan ƙwaya aka haɗiya, tsukewar ba ta tsaya a hanci ba.

A nan ina ganin ana ɗan zuzuta abin. Ga mai hawan jinin da ya daidaita, sudo'efedirin a adadin da aka ƙayyade yana ƙara lambar sama da kusan maki ɗaya zuwa biyu ne a matsakaici, bugun zuciya kuma ya ɗan ƙaru. Haɗarin yana wurin wanda jininsa dama yana sama, ko mai ciwon zuciya, ko wanda ya sha ƙwayar mura, ya bi da ruwan maganin tari mai irin sinadarin, ya ɗora goro biyu da shayi mai kauri. Yawancin ƙwayoyin mura haɗi ne na abu uku ko huɗu, wasu har da kafeyin, wasu da ibufurofen. Akwai kuma wani tsohon sinadari, fenilfurofanolamin, wanda hukumar magunguna ta Amurka ta nemi a janye shi a shekarar 2000 saboda alaƙarsa da fashewar jijiya a ƙwaƙwalwa. Wanda ya tarar da shi a jikin kwali ya ajiye.

Ruwan gishiri na ɗigawa a hanci, surace, zuma da lemun tsami ba su taɓa awo. Masu hana atishawa kaɗai, irin su loratadin da setirizin, su ma haka. Maganin ɗigawa mai buɗe hanci nan take ya fi ƙwaya sauƙi, amma in aka wuce kwana uku zuwa biyar hancin zai riƙa toshewa fiye da da, mutum ya zama bawan kwalba.

Na gargajiya: wanne ne, kuma me ke ciki?

Masu maganin gargajiya suna da hujjarsu, kuma ba duka za a watsar ba. Zoɓo, alal misali, gwaje-gwaje sun nuna yana ɗan sauke jini, in dai ba an cika shi da sukari ba, ko da yake bai kai ya maye gurbin ƙwaya ba. Amma cewa abu "daga itace yake" ba ya nufin ba ya tayar da jini.

Ɗan kamaru, ɓawon da maza ke jiƙawa ko taunawa don ƙarfin iyali, yana ɗauke da yohimbin, wanda ke zaburar da jijiyoyi, ya hau da jini da bugun zuciya. Mai hawan jini ba shi da abin nema a wurinsa. Abin takaici, wasu mazan suna komawa gare shi ne don suna zargin ƙwayar hawan jini ta rage musu ƙarfi, abin da kan faru da atenolol ko ƙwayar fitsari, kuma likita na iya canza ta in an daure an faɗa masa.

Akwai saiwar zaƙi da Larabawa ke kira irƙus-sus, wadda ake sakawa a wasu shayin ganye da haɗin tari da na gyambon ciki. Sinadarinta yana sa ƙoda ta riƙe gishiri ta zubar da fotashiyam, wani sinadarin jini da tsoka da zuciya ke buƙata. Mai shan ta kullum sai jini ya hau, jiki ya mutu, tsoka ta riƙa ɗaurewa, kuma idan yana kan ƙwayar fitsari, wadda ita ma ke zubar da fotashiyam, bugun zuciya na iya rikicewa. Bayan an daina, takan ɗauki makonni kafin jiki ya daidaita.

Sai kanwa, wadda ta fi duka kusa da mu. Mutane ba sa lissafa ta cikin gishiri saboda ba ta da ɗanɗanonsa, alhali tana ɗauke da sodiyam mai yawa, wato ainihin abin da ke tayar da jini a gishirin. Ɗan abin da ake jefawa a miyar kuka ko wake ba shi nake nufi ba. Ina nufin mai jiƙa jar kanwa yana sha kowace safiya don ciki ko basir, da mai shan garin soda don ƙwarnafi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba kada ya wuce giram 5 na gishiri a yini, kusan ƙaramin cokali ɗaya. Wanda ya hana kansa gishirin miya ya kuma sha kofin ruwan kanwa ya rufe ƙofa ya bar taga.

Mafi wuyar sha'ani su ne kwalabe da ƙulle-ƙullen da ba a san abin da ke ciki ba, na sanyi, na ciwon gaɓoɓi, na ƙiba. An sha kama irin waɗannan a ƙasashe da dama an zuba musu garin dikilofenak ko dezametazon, shi ya sa suke "aiki kamar yankan wuƙa". Dezametazon da furedinisolon, waɗanda wasu mata ke sha don su yi jiki, suna tayar da jini da suga. Alamar da za a lura da ita: ciwon gwiwa na shekaru ya ɓace cikin kwana biyu, sannan bayan makonni fuska ta yi zagaye, ciki ya fito, fata ta yi laushi tana saurin ƙujewa. Wanda ya ga haka bayan ya daɗe yana sha kada ya yanke rana ɗaya, domin irin wannan magani a hankali ake janye shi a ƙarƙashin kulawar likita, yankewa kwatsam na iya kayar da mutum. Lambar NAFDAC a jikin kwalba ma a fahimce ta: wadda ta ƙare da harafin L tana nufin an duba cewa maganin ba shi da guba a fili, ba shaida ba ce cewa yana warkarwa, balle cewa ya dace a haɗa shi da lisinofiril.

Leda ɗaya zuwa asibiti

Yaron kemis zai ce ba a gaya masa Baba yana da hawan jini ba. Baba zai ce ba a tambaye shi ba. Likita zai ce mutum 60 ne a layi. Dukansu suna da gaskiya, kuma gyaran da ya fi sauƙi yana hannun majinyaci da 'ya'yansa. A kemis, kafin a ɓallo komai, a ce, "Ina da hawan jini, ga katin maganin da nake sha," kuma a karɓi magani a katinsa mai suna, ba tsirara a leda ba. Sunan sinadari yana rubuce da ƙananan haruffa a ƙarƙashin sunan kasuwa, da Turanci. Wanda ba ya karantawa ya sa a karanta masa.

Ranar zuwa asibiti kuma a tattara komai a leda ɗaya: na likita, na kemis, kwalbar mai tallan lasifika, ƙullin garin da Inna ta aiko daga ƙauye, har ragowar ɗan kamaru in akwai, a juye a kan teburin likita kafin ya ɗauki biro. Idan dattijo yana jin nauyin fito da wani abu a gaban ɗansa, ɗan ya miƙa ledar ya fita ya jira a waje.